Gasar Hoton Lemo: A Rubuta Ƙa'ida Kafin A Yi Shela

Da zarar zafi ya kankama ko azumi ya ƙarato, sai ka fara ganin sanarwar a shafukan kamfanonin lemo: ɗauki hoto da lemonmu, ka saka a shafinka, ka ci kyauta. Mutane su yi ta shiga, hotuna su yi ta zuwa, kamfani ya ji daɗi ana ambaton sunansa. Bayan mako biyu a fitar da wanda ya ci, nan take sashen sharhi ya kama da wuta. Wani ya ce hotonsa ya fi yawan laik, wata ta ce ta saka nata kafin a rufe amma ba a ƙirga ba, wani kuma ya rantse cewa wadda ta ci ƙanwar manaja ce. Sau da yawa babu wanda ya yi niyyar cuta. Abin da ya faru shi ne an yi shela kafin a zauna a rubuta ƙa'ida, kowa ya shiga da tasa fahimtar, kuma da rigima ta tashi babu takardar da za a koma a duba.

Gasa irin wannan rubutu biyu take buƙata. Akwai gajeren rubutun da ake sakawa a ƙarƙashin hoton sanarwa, wanda shi ne kira, akwai kuma cikakkun ƙa'idoji da ake ajiyewa inda kowa zai iya karantawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da gajeren, domin shi ne mai daɗin rubutawa. A ganina ƙa'idojin ne ya kamata su riga, sannan a tsamo gajeren daga cikinsu, ta yadda babu wata kalma a sanarwa da ba ta da madogara a takarda.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani matsakaicin kamfani ne a Kano da ke yin lemon mangwaro da zoɓo da tsamiya a roba, yana da rajistar NAFDAC, yana kai kaya Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna. Yana so ya yi gasar hoton shan ruwa a watan azumi a Instagram da Facebook. Ya ware naira dubu 350 domin kyauta: dubu 200 ga na ɗaya, dubu 100 ga na biyu, dubu 50 ga na uku, da katan ɗaiɗai ga mutum goma na biye. Ga abubuwan da dole ya yanke kafin ya wallafa komai.

Wa zai zaɓi gwani, kuma da wane ma'auni?

Nan ne rigima ta fi tashi, saboda haka nan za mu fi daɗewa. Hanya uku ce ake bi: a ƙirga laik, a yi ƙuri'a, ko a naɗa alƙalai.

Ƙirga laik shi ne ya fi jan hankalin kamfani, domin kowane ɗan gasa zai koma mai yi masa talla kyauta, ya bi dangi da abokai da rukunonin WhatsApp yana roƙon a danna masa. Amma gasar ta daina zama ta hoto ke nan, ta koma ta yawan mabiya. Matar da ta shirya faranti mai kyau a Gumel, mai mabiya ɗari biyu, ba za ta taɓa kamo ɗan wasan barkwanci mai mabiya dubu hamsin ba, ko da shi hotonsa ya yi duhu. Abin da ya fi wannan muni shi ne laik ana sayensa, kuma ba shi da tsada. Ana iya gane na saye idan an duba da kyau. Hoton da ya kwana da laik sittin sai a wayi gari ya kai dubu huɗu, alhali sharhin da ke ƙarƙashinsa bai wuce uku ba. In ka buɗe jerin waɗanda suka danna, sai ka tarar da shafuka marasa hoton fuska, ba su taɓa wallafa komai ba, suna bin mutum dubbai ba mai bin su, da sunaye na ƙasashen da lemon bai taɓa zuwa ba. To ganewa daban, hukuntawa daban. Idan ƙa'ida ba ta ce sayen laik yana fitar da mutum daga gasa ba, da wace hujja za a cire shi? Ko da ta faɗa, zai iya cewa wani abokin hamayya ne ya saya masa domin a kore shi, kuma kamfani ba shi da hanyar ƙaryata shi.

Ƙuri'a kuwa, wato a tara sunaye a zaro ɗaya, ta fi sauƙi amma tana jawo tambayoyi biyu masu nauyi. Ta farko ta doka ce. Duk abin da sa'a ce ke yanke shi yana shiga ƙarƙashin dokokin caca da ƙuri'a, kuma tun bayan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Nuwamba na 2024, ikon kula da wannan fanni ya koma hannun jihohi, dokar tarayya ta 2005 ta tsaya ga Abuja kaɗai. Kamfanin da ke gasa a jiha huɗu ke nan sai ya duba matsayin kowace jiha. Ta biyu ta addini ce, kuma a kasuwar Arewa ba ƙaramar magana ba ce. Idan sai mutum ya kashe kuɗi kafin ya shiga, sannan sa'a ce za ta ba shi ko ta hana shi, da yawa za su ce ai wannan caca ce. Malamai da dama da suka yi magana kan kyaututtukan 'yan kasuwa sun sa sharaɗi biyu: kada a ƙara farashin kaya saboda gasar, kuma mai saye ya kasance don buƙatar kayan ya saya, ba don kwaɗayin kyautar ba. Kamfanin da ya ce wanda ya fi sayen roba ya fi samun damar ci, shi da kansa yake tura mutane su saya don kyauta.

Saura alƙalai, kuma su nake ba kamfanin misalinmu shawara ya ɗauka. Mutum uku sun isa, domin kada a yi kunnen doki: mai ɗaukar hoto na sana'a, mace mai ilimin girki, da wakilin kamfani guda. A faɗi matsayinsu tun farko, a kuma faɗi yadda za su raba maki. Misali, maki 40 ga yadda hoton ya nuna yanayin shan ruwa, 30 ga haske da tsabtar hoto, 20 ga sabuwar dabara, 10 ga fitowar robar lemon da tambarinta.

Ga yadda wannan rabo yake aiki. Hotuna biyu sun kai zagayen ƙarshe. Na farko an ɗauke shi da babbar waya a falo mai fitila, robobi shida a jere kan tebur, komai tas. Na biyu a tsakar gida ne kan tabarma, ga dabino a ƙaramin faranti, ga ƙosai da kunu, ga hannun wani tsoho ya miƙa zai ɗauki kofi, roba ɗaya a gefe, hasken magariba ya ɗan rage kaifin hoton. Alƙalai suka ba na farko 22 a yanayi, 29 a haske, 8 a dabara, 10 a tambari, jimla 69. Na biyu ya sami 37, da 20, da 16, da 8, jimla 81. Mai babbar waya zai yi ƙorafi, babu shakka, amma za a nuna masa takardar maki da ƙa'idar da aka wallafa tun ranar farko. Da kamfani ya fifita haske ya ba shi maki 50, da sakamakon ya juye, kuma da ya sanar da masu ƙananan wayoyi a fakaice cewa gasar ba tasu ba ce. Rabon maki shi ne yake nuna irin mutanen da kamfani yake nema, shi ya sa ba a barin sa sai hotuna sun taru.

Idan kamfani ya nace yana son hayaniyar laik, sai ya ware ƙaramar kyauta daban, kamar katan biyu, ya kira ta zaɓin jama'a, a yi ta tsakanin hotuna goma da alƙalai suka riga suka tace. A rubuta kuma cewa ma'aikatan kamfani da dilolinsa da iyalansu na cikin gida ba sa shiga. Wannan layi ɗaya shi ke kashe zancen ƙanwar manaja.

Ranar rufewa da ƙofar shiga

Kada a rubuta cewa za a rufe ranar jajiberin Sallah. Ba a sanin wannan rana sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar, kuma wani lokaci Najeriya da Nijar ba sa yin Sallah rana ɗaya. A rubuta rana da kwanan wata da ƙarfe: daga Lahadi 1 ga Maris zuwa Lahadi 15 ga Maris, ƙarfe 10 na dare agogon Najeriya. Ƙarfe 12 na dare yana rikita mutane, wani ya ɗauka daren da za a shiga ranar ne, wani ya ɗauka wanda za a fita. Da lokacin ya cika, ma'aikaci ya ɗauki hoton jerin duk abin da ya shigo ya adana, domin gobe wani zai zo da nasa ya ce tun jiya ya saka.

Akwai abubuwa biyu na fasaha da ke sa hoton mutum ya ɓace ba tare da laifin kowa ba. Wanda shafinsa na Instagram yake a kulle, hotonsa ba ya fitowa ga waɗanda ba sa bin sa, ko da ya sa maudu'in gasar daidai. Wanda kuma ya saka a Stories, bayan awa 24 hoton ya tafi. Dole ƙa'ida ta faɗi waɗannan a fili. Sai dai mata da yawa a nan ba za su buɗe shafinsu ga duniya saboda katan ɗin lemo ba, kuma suna da gaskiya. Su ne kuma masu shirya kayan shan ruwan. Kamfanin da ya san kasuwarsa zai buɗe ƙofa ta biyu, lambar WhatsApp guda da za a turo hoto kai tsaye, a ba duk wanda ya turo lambar shaida.

Haka nan a rubuta ƙarara cewa ba dole fuska ta fito ba. Hannu ya isa, faranti ya isa. In ba a faɗa ba, gasar takan rikiɗe ta zama ta kyan fuska, masu kunya su janye, waɗanda suka fito kuma su sha maganganun banza a sashen sharhi, a ƙarƙashin tambarin kamfani.

Shekarun shiga a tsayar da su a 18. Yara za su fito a hotuna, domin shan ruwa da su ake yi, amma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar uwa ko uba ko mai riƙo ake sarrafa bayanan yaro. Saboda haka wanda ya turo hoto mai yaro ya tabbatar shi ne mahaifi ko ya sami izinin mahaifan, kuma kada a rubuta sunan yaron ko makarantarsa. Hoton almajirai ko yaran maƙwabta da aka tara aka miƙa musu roba domin a ɗauka, ni dai zan ce a hana shi gaba ɗaya. Yana taɓa zuciya, yana jawo maki, amma babu wanda ya tambayi iyayensu.

Hoton na wa ne bayan gasa?

Wannan sashe ɗan gasa ya fi kamata ya karanta, kuma shi ne wanda ba a karantawa. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, hoto na wanda ya ɗauka ne, kuma mallaka ba ta komawa hannun wani sai da rubutacciyar yarjejeniya. Shi ya sa wasu kamfanoni suke cusa layin da ke cewa duk hoton da aka turo ya zama mallakarsu har abada, su yi abin da suka ga dama da shi. Ma'anarsa ita ce mutum ɗari biyar sun turo, goma sha uku sun sami kyauta, sauran sun ba da hotunan gidajensu a banza, kuma wata rana matar da ba ta ci komai ba za ta iya ganin farantinta a allon talla a kan titin Zariya. Wannan ba adalci ba ne, ko da lauya ya ce ya halatta.

Abin da ya dace shi ne aro, ba mallaka ba. A rubuta cewa hoton yana nan na mai shi, ya dai ba kamfani izinin sake wallafa shi a shafukansa na tsawon wata 12 tare da ambaton sunansa. Idan kamfani yana son ya kai shi allon talla ko jikin katan ko talabijin, sai a yi sabuwar magana a rubuce, a biya. A tuna kuma cewa mai ɗaukar hoto daban, wanda ke cikin hoto daban. Saurayin da ya ɗauki yayarsa tana zuba lemo shi ne mai hoton, amma fuskar tata ce, kuma in matar aure ce maganar ta ƙara faɗi. Kafin a sake wallafa hoton da ke da fuska, a nemi amincewar mai fuskar, ko da ta saƙon murya ne da za a adana.

Sai batun hoton sata da na haɗi. A watan Janairu na 2016 reshen kamfanin kyamara na Nikon a Singafo ya ba da kyauta ga hoton wani jirgin sama da ya bayyana daidai saman wani tsani. Ba a daɗe ba masu kallo suka ƙara wa hoton haske, sai ga farin murabba'i kewaye da jirgin, alamar liƙa shi aka yi. Kamfanin ya nemi afuwa. Idan masu ƙera kyamara sun faɗa wannan rami, mai sayar da zoɓo sai ya yi hattara. Maganin ba shi da wuya. Duk wanda ya kai zagayen ƙarshe a nemi ya turo asalin hoton daga wayarsa, kuma ya turo shi ta Document a WhatsApp, domin turawa ta hanyar da aka saba tana matse hoton ta goge bayanan ranar ɗauka da samfurin waya. A nemi wasu hotuna biyu da ya ɗauka a zaman nan, domin ba wanda ke ɗaukar ɗaya tak ya dace. Sannan a saka hoton a Google Lens a gani ko ya taɓa fitowa a wani wuri. Ƙa'ida ta bambance gyaran da aka yarda da shi, kamar ƙara haske da yanke gefe, da wanda aka hana, wato ƙara wani abu ko cire shi.

Abin da ya keɓanta da lemo

Gasar takalmi ko ta waya ba ta da wannan matsala, amma abin sha yana da ita. 'Yan gasa suna so su burge, sai su rubuta a ƙarƙashin hotonsu cewa wannan zoɓon yana maganin hawan jini, ko wannan lemon ya dace da mai ciwon suga. Muddin a shafin mutum yake, maganarsa ce. Ranar da kamfani ya ɗauko ya sake wallafawa, ta zama tallarsa, kuma NAFDAC ba ta yarda a tallata abinci ko abin sha da iƙirarin warkar da cuta ba. Haka in wani ya rubuta cewa zallar 'ya'yan itace ne, alhali jikin robar ya nuna akwai ruwa da suga. Ƙa'ida ta hana irin wannan rubutu, kuma mai kula da shafi ya karanta kafin ya danna.

Kada kuma a sa gasar wanda ya fi shanyewa ko wanda ya fi tara robobi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta lissafa sugan da ke cikin ruwan 'ya'yan itace a cikin wanda ya kamata a taƙaita. Roba ɗaya a hoto ta wadatar, hoto ɗaya ga kowane mutum.

Ta fuskar hukuma, kamfani ya nemi amincewar FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, wadda ke rajistar garaɓasa da gasannin talla, ya kuma kai tallar ga ARCON, hukumar kula da tallace-tallace da ta maye gurbin APCON a 2022, domin tantancewa kafin fitarwa. Wannan aikin makonni ne kafin azumi, ba na daren farko ba.

Gajeren rubutun

Yanzu da aka gama yanke komai, gajeren rubutun zai zo da sauƙi. Instagram yana nuna layi ɗaya ko biyu ne kawai kafin ya ɓoye sauran, saboda haka abin da za a yi da abin da za a ci su zo a farko, gaisuwa da kirarin kamfani su jira. Ga yadda na kamfanin misalinmu zai kasance:

"Gasar hoton shan ruwa: na ɗaya zai ci ₦200,000. Ɗauki hoton kayan shan ruwanku da robar lemonmu guda ɗaya, ba dole fuska ta fito ba. Saka a shafinka da #GasarShanRuwa ka ambace mu, ko ka turo ta lambar WhatsApp da ke saman shafinmu. Za a rufe Lahadi 15 ga Maris, ƙarfe 10 na dare. Alƙalai uku ne za su zaɓa, ba yawan laik ba. Na biyu ₦100,000, na uku ₦50,000, mutum goma katan ɗaiɗai. Sai mai shekara 18 zuwa sama, mazaunin Kano, Jigawa, Katsina ko Kaduna. Za mu sanar Laraba 18 ga Maris a wannan shafi kaɗai, kuma ba za mu taɓa neman kuɗi ko lambar sirri a wurinka ba. Cikakkun ƙa'idoji suna saman shafi. Instagram da Facebook ba su da hannu a wannan gasa."

Layin ƙarshe ba ado ba ne. Dokokin Instagram da Facebook sun wajabta wa mai gasa ya bayyana cewa ba su suka shirya ko suka ɗauki nauyi ba. Facebook ya kuma hana a sa sharaɗin cewa sai mutum ya yaɗa sanarwa a shafinsa ko ya ambaci abokansa kafin ya shiga, duk da cewa kullum ana ganin masu yin haka. Ka lura kuma babu "manyan kyaututtuka" ko "da sauransu" a ciki. An faɗi kuɗin da adadin mutanen, domin wanda aka ce masa babbar kyauta ya zo ya tarar da riga da hula ba zai yi shiru ba.

Maudu'in ma da dalili aka zaɓe shi. Kalmar gasa tana cikinsa domin duk wanda ya ga hoton a shafin abokinsa ya san don neman kyauta aka saka, ba yabo ne na haka kawai ba. A 2014 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ja kunnen kamfanin takalma na Cole Haan a kan wannan, saboda maudu'in gasarsa ta Pinterest bai nuna cewa gasa ce ba. Sannan babu harafi mai lanƙwasa ko alamar ɗauri a ciki. Da an sa #GasarƘoshi, rabin mutane za su rubuta #GasarKoshi domin wayarsu ba ta da harafin, hotuna su rabu gida biyu. Da an sa kalma kamar 'ya'ya, alamar za ta yanke maudu'in a tsakiya. Kafin a tsayar da shi, a bincika a gani ko wasu sun riga sun cika shi da nasu hotunan. Idan za a yi sanarwar da Turanci ma, ƙa'ida ta faɗi wanne za a bi in an sami saɓani, kuma tunda masu sayen Hausawa ne, na Hausar ya kamata ya zama madogara.

Daga sanarwa zuwa hannu

Kwana ɗaya ko biyu da fara gasa, shafukan bogi sukan ɓullo da tambarin kamfani da suna mai kama da nasa, an ƙara ɗigo ko harafi ɗaya. Suna bin maudu'in, su tura wa duk wanda ya shiga saƙo cewa ya ci, ya turo dubu uku kuɗin kawo kaya, ko ya faɗi lambar da banki ya turo masa. Shi ya sa gargaɗin ya shiga gajeren rubutun, bai tsaya a dogon ba.

Ƙa'ida ta faɗi abin da zai biyo bayan sanarwa. Za a tuntuɓi wanda ya ci daga shafin kamfani, yana da kwana bakwai ya amsa, in bai amsa ba kyautar ta koma ga mai bi masa a maki. Za a tura kuɗi cikin kwana 14 zuwa asusun banki mai sunansa. Katan kuwa a faɗi inda za a karɓa, domin wanda ke Daura ba zai biya kuɗin mota zuwa Kano ya dawo saboda katan ɗin da bai kai kuɗin motar ba. Dila mafi kusa ya ba shi. Lambobin wayar da aka tara kuma na gasa ne, ba a mayar da su jerin masu karɓar saƙon talla sai wanda ya amince. Idan wani dalili ya tilasta a ɗaga ranar rufewa, a sanar a fili a shafin, amma ba a taɓa rabon maki ko adadin kyauta bayan hoton farko ya shigo.

Kai kuma mai karatu da ke shirin shiga irin wannan gasa a azumin bana, kafin ka jera farantai ka kira yara, nemi cikakkun ƙa'idojin ka duba abu uku: wa zai zaɓa, me za a yi da hotonka bayan an gama, kuma yaushe kyauta za ta iso hannu. Ka ɗauki hoton sanarwar ka ajiye a wayarka, domin ana iya gyara rubutu bayan an wallafa. In ka nemi ƙa'idojin ba ka same su ba, ka tambaya a sashen sharhi inda kowa zai gani, kuma kada ka tura hoton iyalinka sai an ba ka amsa.